Umarnin cika hoton falon Rijiyar Zaki da kayan naira 850,000

Hoton da na haɗo na falo ne a wani gida mai ɗaki 2 da nake nema wa ɗan haya a Rijiyar Zaki, Kano. Babu komai a cikinsa. A zuba masa kaya yadda zai fito kamar falon ma'aikaci mai matsakaicin ƙarfi da ya tare da amaryarsa, wanda duk abin da aka kashe wa kayan falon bai wuce naira 850,000 ba, ban da kuɗin talabijin.

Ginin kansa kada a taɓa shi. Bango ya zauna da farin fentinsa, silin da fankarsa da ƙwan fitila, taga da ƙarafunanta, ƙofofi da soket duk su tsaya inda suke. A ƙasan bangon dama, kusa da ƙofar shiga ciki, akwai tabon damshi kamar tafin hannu biyu. A bar shi a fili, kada a goge shi, kada kuma a jingina wani abu a kansa. Mai haya zai zo ya gani da idonsa, ni kuma ba na son a ce dillali ya yi rufa-rufa.

Ga ma'auni: faɗin falon mita 4.2 ne, tsawonsa mita 4.8. Tayil ɗin ƙasa santimita 60 ne kowane gefe, wato 7 a faɗi, 8 a tsawo, don haka da shi za a auna girman kowane abu. Daga bakin ƙofar shigowa aka ɗauki hoton, kuma daga nan za a ci gaba da kallon ɗakin. Kada a ƙara masa faɗi, kada a ɗaga silin.

Kujeru su ne za su ci kaso mafi tsoka, kamar naira 480,000. Irin na kafintan gida nake so, katako da soso, an lulluɓe da yadi ruwan toka marar ƙyalli, hannayensu a miƙe ba sassaƙa. Mai zaman mutum 3 ta jingina da bangon da ke fuskantar mai kallo, tsawonta ya ɗan haura tayil 3. Mai zaman mutum 2 a ƙarƙashin taga ta hagu, bayanta kada ya kai bakin tagar. Sai ƙwaya ɗaya mai zaman mutum 1 a kusurwar hagu ta kusa. Na san an saba cika saiti ya ɗauki mutum 7, amma wannan falon ba zai ɗauka ba sai an toshe hanya. Kada in ga kujerun nan masu ruwan zinare da rawanin sassaƙa a ka, ko na fata mai sheƙi. Da ganinsu an san kuɗin ya ninka.

A tsakiya a shimfiɗa kafet ruwan ƙasa mai sauƙin zane, tayil 3 a faɗi, 4 a tsawo, da ƙaramin teburin katako a kansa. Bangon dama, inda soket yake, a sa doguwar durowa marar tsayi da talabijin mai inci 43 a kashe. Tsakanin durowar da kafet a bar hanya ta kusan santimita 90, daga ƙofar shigowa zuwa ƙofar shiga ciki. Labule mai hawa biyu, fari shara-shara a ciki, mai kauri ruwan madara a waje, irin yadin da ake yankowa a Kantin Kwari, a zuge shi gefe biyu.

Abin da ya rage na kuɗin ba yawa, to kayan ado ma kaɗan: tum-tum na fata guda 2 irin na Kasuwar Kurmi, fankar caji a tsaye a lungu, agogon bango, da dadduma a naɗe a gefen durowa. Shi ke nan.

Hasken safiya ne ke shigowa ta tagar hagu, saboda haka inuwar kaya ta faɗi dama, kuma tunda tayil ɗin na ɗaukar ido, ƙafafun kujeru su ɗan nuna a jikinsa. Kowane abu ya zauna daram a ƙasa.

Ban da mutane, ban da dabbobi, ban da hoton mutum a bango, ban da murhun jin ɗumi irin na gidajen Turai. Kada a rataya allo mai rubutun Larabci, don haruffan kan fito a hargitse, kuma aya ba abin wasa ba ce.

A fitar da hoto 1 a kwance, 4:3, mai kama da wanda aka ɗauka da waya mai kyau. A bar siririn farin fili a ƙasansa, a nan zan rubuta da kaina cewa kayan na misali ne, gidan babu kaya ake bayar da shi.