Wasiƙar Mayar da Igiyoyin Caji Guda 491

PZ, Sabon Gari,
Zariya.
Talata, 14 ga Oktoba, 2025.

Zuwa ga Alhaji Garba,
Kasuwar 'Yan Waya, Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhaji, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya tare da iyali da yaran shago. Allah ya ƙara wa kasuwa albarka, amin.

Na rubuto ne a kan igiyoyin cajin da kuka sa mini a motar Zariya, na karɓa a Kwangila ranar Alhamis 2 ga wata. Kwali uku ne, guda 500: masu baki C zuwa C na mita ɗaya da aka rubuta wa 100W guda 200 a kan ₦1,800, masu baki A zuwa C da aka rubuta wa 18W guda 200 a kan ₦750, sai dogaye na mita biyu, C zuwa C, masu 60W guda 100 a kan ₦1,500. Kuɗinsu ₦660,000, na ba da ₦400,000, saura ₦260,000 da muka yi zan cika ƙarshen wata. Ranka ya daɗe, kayan nan ba zan iya riƙe su ba. Babu kala ɗaya a cikin ukun da ke ba da saurin cajin da ke jikin kwalinsa, kuma ba irin samfurin da ka ba ni a watan jiya ba ne, kwalin ne kawai ya zo ɗaya.

Da yake samfurin ya ci gwaji, kayan na isowa muka jera su. Cikin mako guda an sayi 26, an dawo da 17. Maganar masu dawowa kusan ɗaya ce: waya ta daɗe a caji ba ta motsa ba, ko kan igiyar ya yi zafi. Shi ya sa na sauke su daga kanta, na ɗebi guda 20 daga kowane kwali, sama da tsakiya da ƙasa, don kada a ce bara-gurbi na tsinta. Kan caja ɗaya na yi amfani da shi mai 100W, da wani mai bakin A na 18W, da mitar gwajin USB mai karanta cif ɗin igiya, kuma duk abin da na yi wa sabon kaya sai da na fara yi wa samfurin.

Na 100W su ne suka fi damuna, don su suka ci kuɗi. Ka san wat ɗari ba ya samuwa sai da bolt 20 da amfiya 5, kuma caja ba ta sakin amfiya 5 sai igiyar ta gaya mata cewa za ta iya ɗauka. Abin da ke faɗar wannan wani ɗan cif ne da ke cikin kan igiyar, wanda mita ke nunawa da sunan E-Marker. In babu shi, caja tana tsayawa a amfiya 3, wato wat 60, komai tsadarta. Samfurin da ka ba ni yana da cif, mita ta karanta 20V 5A. A cikin guda 20 na sabon kaya, ko ɗaya ba ta da shi. Na fasa kan guda biyu da wuƙa don in tabbatar ba mitar ce ke wasa da ni ba: allon ciki fayau yake, ga gurbin cif ɗin nan an bar shi babu komai. Wayar Samsung mai karɓar wat 45, da samfurin tana rubuta "Super fast charging 2.0", da waɗannan kuwa 2.0 ɗin ba ya fitowa.

Da a ce suna iya ɗaukar wat 60 ɗin lafiya, da na ce ka rage kuɗi in sayar da su a matsayin na 60W, a liƙe rubutun kwalin. To ko nan ba su kai ba. Ƙa'idar USB-C ta ce wutar da za ta zube a hanya kada ta wuce rabin bolt a zaren da ke kai wuta, da kwatan bolt a zaren da ke dawowa, a lokacin da igiya ke ɗauke da cikakken nauyinta. Jimla 0.75 ke nan. A amfiya 3 wannan yana nufin turjiyar igiyar kada ta haura 0.25Ω, a amfiya 5 kuma 0.15Ω. Samfurin ya ba ni 0.13Ω. Sabbin suna tsakanin 0.48Ω da 0.55Ω. Ɗauki 0.52Ω a amfiya 3: bolt ɗaya da rabi ya zube kafin wutar ta isa waya, kuma kusan wat 5 yana komawa zafi a jikin igiyar. Zafin da mutane ke kuka da shi ke nan. Na bar ɗaya a kan laftof minti 20, roban bayan kan ya yi laushi har yana lanƙwasa a hannu.

Dalilin yana cikin zaren. Daga waje kaurinsu ɗaya da samfurin, saƙar ma iri ɗaya, amma da na feɗe sai na ga roba ce aka cika, zaren wutar siriri ne, bai kai rabin na samfurin ba. Na kankare shi da reza, jan ya tafi, fari ya fito. Na kara masa ashana, ya nannaɗe ya zube kamar toka, shi kuwa na samfurin ya yi ja ya tsaya. Alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe. Ko da kaurinsu ɗaya alminiyom ya fi jan ƙarfe turjiya da fiye da rabi, ballantana an sirantar da shi, sannan ga saurin karyewa a wuyan igiya inda ake yawan lanƙwasawa.

Na A zuwa C matsalarsu daban ce. Irin wannan caja a bolt 5 take farawa, ba ta hawa bolt 9 sai ta yi magana da waya ta zaruruwan data guda biyu, D+ da D-. Guda 12 cikin 20 zare biyu kacal ke cikinsu, ja da baƙi, babu na data sam. Saboda haka suna maƙale a bolt 5, amfiyar ba ta kai ɗaya ba, abin da ke shiga waya bai cika wat 5 ba. A jona su da kwamfuta ma ba ta ganin wayar, alhali kwalin ya ce suna tura fayil. Ragowar 8 suna hawa bolt 9, amma a wajen wat 11 zuwa 12 suke tsayawa. Na gwada da waya mai batir 5000mAh daga kashi 20, allo a kashe, minti 30: samfurin ya kai ta 54, mai zare biyu ya kai ta 30. Kasancewar kwali ɗaya yana ɗauke da iri biyu ya nuna mini cakuɗa kaya aka yi, kuma ba yadda za a yi in rarrabe guda 200 sai na yage ledar kowanne.

Dogayen na mita biyu ba sai na ja magana ba. Na feɗe biyu na kara wa zaren maganaɗisu ya manne (zaren nake nufi, ba bakin ba, na san baki dama yana iya kamawa). Baƙin ƙarfe ne da shafen ja. Turjiyarsu ta haura 1Ω, laftof yana kama caji yana saki, waya kuma tana ja da baya da kanta ta koma caji a hankali.

Na san abin da za a iya cewa, don na sha jin sa a kasuwa: wai wutar gari ce ba ƙarfi, ko kan cajar ne, ko wayar. Duk gwajin nan a kan inbata na yi shi, a kowane gwaji kan caja da na'urar ba sa canzawa tsakanin samfurin da sabon kaya, igiya kawai nake canzawa. Na ɗauki bidiyon kowane gwaji fuskar mita na fitowa, na tura wa yaronka Sabi'u ta WhatsApp jiya da yamma.

Ba na zargin cewa da saninka aka yi. Mun daɗe muna hulɗa ban taɓa ganin haka daga wurinka ba, na fi kyautata zaton wanda ya shigo da kayan ne ya nuna mai kyau ya loda wani. Amma ka san zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Masu saye a wurina yawanci ɗaliban Samaru da Kongo ne, da ma'aikatan asibitin Shika, da masu POS da 'yan caji na Tudun Wada. Mutumin da ake kawo wa wuta ta awa biyu a ɗauke, saurin cajin nan shi ya biya kuɗi a kai. Ɗalibai kuma yanzu da yawansu sun san duba wat a waya, in ɗaya ya gane, kafin dare duk ɗakin kwanansu sun ji sunan shagon. Na mayar wa mutum 17 kuɗinsu nan take.

Ga abin da nake so mu yi. Ranar Litinin 20 ga wata zan sa kayan a motar Kano, ƙanena Habibu zai biyo su har shago. Guda 491 ne: 414 a ledarsu ba a taɓa ba, 54 da na buɗe na gwada, 17 da aka dawo da su, da 6 da na yanka, kowane kashi a ɗaure daban da takarda a jiki. Guda 9 da ke hannun mutane duka na ₦750 ne, na ɗauki nauyinsu, ₦6,750. In an cire wannan daga ₦400,000, kuɗina da ke wurinku ₦393,250 ne, cikon ₦260,000 kuma ya faɗi. Kuɗin motar dawowa ni zan biya. Guda 6 da na yanka kuwa ina ganin bai kamata su hau kaina ba, su ne shaidar da za ka nuna wa wanda ya sayar maka.

Na fi son canji a kan kuɗi, in akwai kaya irin samfurin, don kantata babu igiyar laftof yanzu. Sharaɗina shi ne Habibu zai zo da mitar, ya ɗebi guda 10 daga kowane kwali da hannunsa a gabanku. Na 100W mita ta ga cif mai 5A kuma kada turjiya ta wuce 0.15Ω. Na 60W kada ta wuce 0.25Ω. Na A zuwa C su hau bolt 9 su ba da aƙalla wat 16. A yanka ɗaya daga kowane kala a ga jan ƙarfe har ciki, kuɗin waɗanda aka yanka a kaina. In biyu suka faɗi a cikin goma, kwalin ya zauna. A kuma rubuta wat ɗin kowane kala a rasit, ba "igiyar caji" kawai ba. Na san mai kyau zai fi wannan tsada, ƙarin ₦300 zuwa ₦400 a kan na 100W ba zai hana ni ɗauka ba.

In babu irinsu a ƙasa, a turo mini kuɗin ta asusun da na biya ku da shi zuwa ranar Alhamis 23 ga wata, don in samu in sari wasu kafin ƙarshen wata. Ragin kuɗi a kan waɗannan dai kada a yi mini tayinsa, ko a rabin kuɗi ba zan sa su a kanta ba. Ina kuma ba da shawara a dakatar da sauran da ke sito har a gwada, musamman dogayen, saboda zafin da suke yi.

Ina jiran kiranka kafin Litinin don in san ko Habibu zai dawo da kaya ko hannu rabbana. A gaida Sabi'u da sauran yara.

Wassalam.

Naka,
Musa mai kayan waya,
PZ, Zariya.