Alhaji, a dawo mana da kuɗin Umarar Hajiya kafin 25 ga Afrilu

Assalamu alaikum Alhaji, an wuni lafiya, ya ofis. Babban ɗan Hajiya ne daga nan ƙasar Gumel, wanda ya kawo maka fasfo ɗinta a watan Janairu. Na rubuto ne tunda kira ya ƙi shiga, in ma ya shiga yaronka ke ɗauka ya ce kana Abuja.

Naira miliyan 3 da dubu 800 muka ba ka na Umarar goman ƙarshe na azumi, biza da tikiti da masauki duk a ciki. Miliyan 2 da rabi taransifa na yi maka, alat ɗin na nan a wayata, sauran miliyan 1 da dubu 300 a hannu na kawo ofis ka ba ni rasit da sitam ɗinka a jiki. Ka ce ranar 19 ga Maris za su tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, har mun yi shatar mota, tsohuwa ta gama sallama da dangi da maƙwabta kowa na ba ta saƙon addu'a, ana gobe tafiya da daddare ka turo saƙon murya wai biza ba ta fito ba an fasa. To mun ji, haka Allah ya so. Amma kuɗin fa? Ka ce bayan sallah, sallah ta wuce, ka ce sati mai zuwa, yau 11 ga Afrilu ko sisi ba mu gani ba.

Alhaji kuɗin nan ba tsinto su muka yi ba wallahi, bijimai biyu na kai kasuwar Maigatari na haɗa da riɗin bana gaba ɗaya, Hajiya kuma har yau ba ta son fita biki saboda tambayar mutane.

Kuma don Allah a bar maganar nan ta a ajiye kuɗin sai Umarar baɗi, ba mu yarda ba. Muna so ka maido su cif, miliyan 3 da dubu 800, cikin akawun ɗin da na turo maka daga ciki, ka haɗo da fasfo ɗinta, daga yau zuwa Juma'a 25 ga Afrilu ƙarfe 12 na rana. In ka ce an riƙe wani abu a kamfanin jirgi, turo takardar mu gani.

In ranar ta wuce shiru, Litinin 28 ga wata zan kai ƙorafi a rubuce hukumar alhazai ta ƙasa NAHCON, tunda su ke ba ku lasisi, da kwafin rasit da alat da duk saƙonninka na wasap, daga nan in shigar da ƙara kotu. Liman da ya haɗa mu da kai na riga na sanar da shi, ya ce zai ba da shaida.

Ina jiran amsarka a rubuce ta wannan lambar. Wassalam.