Tela Ɗan Sabil

Habibu irin yaran nan ne da in mace ta shigo shago kawo ɗinki sai ya duƙa yana neman kwarkwaron da bai ɓata ba, ya bar Kawu Sale da awo da ciniki. Shekararsa 27, a unguwar Sabil ta Jidda aka haife shi, a shagon kawun nasa dake wajen Bab Sharif yake ɗinki tun yana ɗan saurayi, kuma wallahi in ka ga wuyan jallabiyar da ya haɗa sai ka rantse daga kamfani ta fito, amma bakinsa dai a ɗinke yake.

Yayarsa Hadiza ce ta matsa masa ya buɗe akawun a wata manhajar neman aure da 'yan Hausan Saudiyya ke ɗan taɓawa. Ya buɗe ɗin. Hoton da ya sa na wani zaki ne a kwance, a ƙasa ya rubuta: "Ni mutum ne mai sauƙin kai. Ina son mace ta gari mai addini. Sauran bayani sai mun haɗu." Shikenan fa. In aka yi sa'a wata ta kula shi hirar bata wuce slm, ya kk, lfy lau, ya gida, kin ci abinci, daga nan sai shiru, washegari ya sake tambaya ko ta ci abinci har yarinya ta gaji ta daina buɗewa.

Wata Juma'a cikin Sha'aban ya je gidan yayar cin tuwo, ta karɓi wayar tana dubawa sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Kai auta, wannan zakin shi zai yi auren ko kai? Kuma waye zai rubuta yana son mace marar addini? Kowa abinda ya rubuta kenan ai."

"To Yaya me zan ce, ni bani da wani labari."

"Baka da labari? Kai da in aka taɓo maganar Sabil sai an roƙe ka kayi shiru? Yalla goge, rubuta abinda in Umma ta karanta zata ce wannan Habibuna ne."

Bai goge a gabanta ba, kunya. Sai da dare bayan sun rufe shago, Kawu ya tafi, ya zauna kan tulin yadi fanka na kaɗa iskar Jidda mai danshin nan da riga ke manne wa mutum a baya, ya rubuta ya goge ya rubuta ya goge. Ƙarshe ga abinda ya bari:

"Sunana Habibu, tela ne ni. Jallabiya nafi iyawa, abaya ina koyo har yanzu. A Sabil aka haife ni, gidanmu na cikin waɗanda aka rushe a 2022, wani lokacin ina bi ta wajen in tsaya ina lissafin inda ƙofarmu take. Kakana da ƙafa ya taso daga Haɗeja, ya yi shekaru yana noman auduga a Sudan kafin ya samu kuɗin jirgin ruwa daga Suwakin, ni kuma ban taɓa zuwa Najeriya ba, Hausata ma 'yan Kano dariya suke mata. Ina da kunya sosai, in na yi jinkirin amsa ba wulaƙanci bane, ina tunanin abin cewa ne. Da azumi bana samun barci saboda ɗinkin sallah. Aure nake nema da gaske."

Ya cire zakin ya sa hoton da wani yaron shago ya taɓa ɗaukarsa, tef a wuya, alli a bayan kunne. Yana dannawa ya kifa wayar kamar wadda zata cije shi.

Kwana biyu ba komai. Ran na uku wajen sha ɗayan dare yana kalmasar hannun wata riga wayar ta yi ƙara. Wata Nafisa. Ko sallamar kirki bata gama ba ta jefo tambaya:

"Malam Habibu wane layi a Sabil?"

Yatsansa har ya tafi zai rubuta lfy lau, sai ya ga ai ba abinda aka tambaye shi kenan ba. Ya ce layin da ke bayan ƙaramin masallacin nan mai kula ta ruwan sanyi a bakin ƙofa, inda wata tsohuwa ke suyar waina da safe.

"Iya mai waina?? Wadda in ka ce ta ƙara maka yaji sai ta ce ubanka ne ya daka?"

Habibu ya yi dariya shi kaɗai a shago har ya buge gwiwa da ƙarfen keke. Ya ce ita fa, kuma har yau tana binsa riyal biyu, tun yana yaro ya karɓi waina yace Umma zata aiko, bai taɓa faɗa wa Umman ba.

Ta ɗan jima bata amsa ba. Sai ta rubuto cewa Iya ta rasu bara a Makka wajen ɗiyarta, Allah ya jiƙanta.

Ya daɗe yana kallon saƙon. Bai sani ba, ba wanda ya faɗa masa, da kafin a watse ne ai kafin azahar duk layi ya ji, maza sun shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Haka ya rubuta mata, ba tare da ya tsaya gyara ba, yace abinda yafi damunsa da tashin nan ba ginin bane, yanzu mutum sai ya mutu ka shekara baka ji ba. Tace wallahi abinda mamanta ke faɗa kenan kullum, su Bahra suka koma, tsakanin Jidda da Makka, gidan yafi na da kyau nesa ba kusa ba amma maman har yau in ta dafa abu sai ta zuba kwano ɗaya na maƙwabta sannan ta tuna.

Daga nan hira ta ɓalle. Ashe su ma ta Sudan suka biyo, kakarta 'yar Mai Wurno ce, garin nan na bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Suka yi musu sosai akan nama, ita tace agashen Sudan ba sa'an sairiyar Jidda bane, shi yace ai duk tsire ne aka canza wa suna, kuma na Jidda yafi ƙuli. Tace baka ci na gaske bane. Yace to ai ba a gayyace shi ba. Yana turawa gabansa ya faɗi, anya bai zaƙe ba? Sai ga amsa: "Gayyata a wajen Yaya Bashir ake nema, ba wajena ba, amma tukunna dai."

Bai ankara ba har ɗaya ta wuce, hannun rigar nan na nan yadda ya bar shi, mai ita kuma da safe zai zo.

Washegari Kawu Sale ya ɗaga rigar ya juya ta ya kalle shi. "Kai kuma lafiya? Hannu ɗaya zai saka?" Habibu yace yanzu-yanzu Kawu, ya hau keke kai a ƙasa. Can wajen la'asar ta turo saƙon murya, tace ta gaji da rubutu, kuma tana so ta ji Hausar da 'yan Kano ke wa dariya. Ya faki idon Kawu ya matsa bayan labulen gwaji, ya danna, ya yi sallama murya na rawa, ya faɗi abinda ya samu ya tura kafin ya canza shawara.

Minti ɗaya ta amso: "Malam ban ji komai ba sai ƙarar keken kawunka. Fita waje ka sake."