Bayan Tafiyarki

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaban ƙungiya, malamaina, iyayenmu mata, da 'ya'yana ɗalibai da kuka cika wannan zaure, ina yi muku barka da dare.

Waƙar da zan karanta gazal ce, wato waƙar begen da ta tsiro daga mabuɗin ƙasidun Larabawa, inda mawaƙi yakan tsaya a kufai ya tuna wadda ta tashi, sannan ta bi ta Farisa ta isa Indiya, har ta zama abin da ake raba dare dominsa a Delhi da Lahore. Kunnen da ya saba da ƙwar biyu ba zai ji ta baƙuwa ba. Kowane baiti yana tsaye da ƙafarsa, ba ya jiran na gaba ya ƙarasa masa zance. Abin da ya ɗaure su shi ne amshin da ke dawowa, wanda masu wannan fanni suke kira radif, da kuma amsa-amon da ke zuwa dab da shi. Nawa amshin kalma biyu ne, “bayan tafiyarki”. A baitin farko zai zo sau biyu, daga nan sai a ƙarshen kowane baiti, kuma ina roƙon ku karɓa tare da ni idan kun ji ya matso. A baitin ƙarshe mawaƙi yakan ambaci laƙabinsa, ni ma zan yi haka. An saba taƙaita gazal kada ta wuce baiti goma sha biyar, ni kuwa na ɗan zarce, sai ku yi wa dattijo uzuri. Na rubuta ta ne ga uwar 'ya'yana, Allah Ya jiƙanta.

Ƙofofin birni suna nan inda suke, amma ni na zama baƙo a gari bayan tafiyarki,
Duk wanda ya tare ni da gaisuwa a hanya, a bakinsa nake neman labari bayan tafiyarki.

Na hau Dala da hantsi domin in hango rufin gidanmu, kamar yadda muka yi muna amare,
Gidaje sun haɗe har Goron Dutse, a ƙirjina kaɗai aka bar sarari bayan tafiyarki.

Na tsufa ina tsoma zane a marinar Ƙofar Mata, ina ɗaga shi ya sha iska har kore ya koma shuɗi,
Amma ban sami baban da zai kama wannan gemu ba, wanda ya rikiɗe fari bayan tafiyarki.

Mabuga suna sauke sanda a kan turkudi bi da bi, yadda suka gada daga iyayensu,
Ni da nake gane hannun kowa daga sautinsa, yau na kasa bin kari bayan tafiyarki.

Na shiga Kurmi, kasuwar da take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, na tsaya wurin masu turare,
An miƙo mini humrar da kike saye, na ce a mayar, hancina ya bar marmari bayan tafiyarki.

Jikarmu ta share ɗaki, ta zaro takalminki ƙafa ɗaya daga ƙarƙashin gado, ta ce ina ɗan'uwansa,
Na karɓa na riƙe ban ce mata komai ba, domin ni da shi duka mun rasa wari bayan tafiyarki.

Kin yi shekaru kina ɓoye mini gwangwanin saboda likita ya hana, ina ɗiba a ɓoye ina musu,
Yanzu ga shi a buɗe babu mai tsawatarwa, shayin kuwa ya ƙi daɗi ko da sukari bayan tafiyarki.

Hazo ya sauko a watan Janairu, maƙwabta sun kewaye wuta a ƙofar gida suna hira,
Na rufa da gwado da bargon da kika sayo a Madina, duk da haka ina kwana da ɗari bayan tafiyarki.

Ke kike fara jin ƙamshin ruwa, ki kwashe shanya tun kafin iska ta taso daga gabas,
Bana sau uku tufafina suna jiƙewa a igiya, domin babu mai duba mini hadari bayan tafiyarki.

Ranar Hawan Daushe na tsaya a Ƙofar Kudu, kakaki da algaita suna tashi, mahaya suna jafi,
Shirun da na baro a tsakar gidanmu ya biyo ni har can, ya danne tambari bayan tafiyarki.

Idan na kai hannu akushi kikan yi dariya, ki ce marini zai rina mana tuwo,
Maroƙa sun wasa ni a gidan biki na ba su na goro, zolayarki ta fi mini kirari bayan tafiyarki.

Tun da dogo ya iso Kano a 1911 ake raka matafiya tasha, ana ƙirga kwanakin dawowarsu,
Ni na raka ki inda ba a yankar tikitin komowa, na juyo gida ba ni da tsari bayan tafiyarki.

'Yarmu ta ce in raka ta zaɓen atamfar bikin ƙanwarta, tun da mai zaɓen ba ta nan,
Aka baje mana turmi ashirin, na kasa nuna ko ɗaya a Kantin Kwari bayan tafiyarki.

Na sami littafin da kike rubuta bashin man gyaɗa da ajami, kwalba biyu nan, rabin kwalba can,
Na aika wa kowa cewa an yafe, amma na hana a taɓa mini daftari bayan tafiyarki.

Da dare idan na motsa sau biyu, kikan miƙo kofin ruwa ba tare da kin buɗe ido ba,
Yanzu nakan laluba da kaina a duhu, bango ne kaɗai yake amsa mini tari bayan tafiyarki.

Liman ya karanta mini ayoyin haƙuri na karɓa, kuma ban yi jayayya da hukuncin Ubangiji ba,
Sai dai hawaye ba ya neman izini, yakan ɗiga mini a kan takarda ana cikin nazari bayan tafiyarki.

Abokaina sun ce in sake aure, wai gida ba ya zama babu mace, kuma na san don Allah suka faɗa,
Na gode musu, na ce tulun da ya riga ya fashe ba a yi masa ƙari bayan tafiyarki.

Shekara talatin da shida kunya ta hana ki kiran sunana, ni ma ban taɓa yabon ki a gaban mutane ba,
Ga shi yau na miƙe da sandata a gaban zaure guda, ina tona al'amari bayan tafiyarki.

Ɗan Marina zai naɗe takardarsa ya koma gida, ya san ba zai tarar da fitila a kunne ba,
Zai yi sallama a bakin ƙofa ya ɗan saurari amsa, abin da ya kasa bari bayan tafiyarki.