Umarnin Hoton Falon Karɓar Baƙi Domin Shafin Kama Ɗaki

A fitar da hoto guda ɗaya mai kama da wanda ƙwararren mai ɗaukar hoto ya ɗauka da kyamara, na falon karɓar baƙi a wani matsakaicin otal mai ɗakuna 42 a unguwar Nasarawa, cikin birnin Kano. Hoton zai zauna a saman shafin da baƙi ke kama ɗaki ta intanet, shi ne abin da idonsu zai fara faɗawa a kai kafin su ga farashi. Yawancin masu buɗe shafin nan 'yan kasuwa ne da ke zuwa sari Kantin Kwari da Singa, da iyalai masu zuwa biki ko ziyara daga Abuja, Kaduna, Maraɗi da Damagaram, sai ma'aikatan da taro ke kawowa. Mutum ne da ya gaji da hanya, yana riƙe da waya, yana son ya san ko in ya iso za a karɓe shi da mutunci. Duk abin da ke cikin hoton ya amsa masa wannan tambayar.

Lokacin la'asar ne sakaliya, wajen ƙarfe 5 saura, a watan Nuwamba, sanyin hunturu ya fara shigowa amma hazo bai yi kauri ba. Ƙofar shiga tana gefen dama na hoton, tana kallon yamma, mai gilashi ce mai murfi biyu, an buɗe ɗaya. Hasken rana yana shigowa ta nan a karkace, ruwan zuma, ya kwanta a kan tayil ya miƙe har gindin kantar karɓar baƙi. Kada hasken ya yi ƙarfin da zai cinye fuskokin mutane ko ya mayar da ƙofar farar fat. Ta cikin gilashin a hango inuwar bishiyar darbejiya da ɗan gefen harabar otal, dishi-dishi. Fitilun cikin falon a kunne suke, masu haske ja-ja mai taushi, tsakanin 2700K da 3000K. Farin hasken nan mai shuɗi-shuɗi na dogon ƙwai, irin na ofis da asibiti, ba a son sa ko a lungu ɗaya, domin shi ke sa wuri ya yi sanyi a ido ko da an zuba masa kayan miliyoyi.

Falon ba makeke ba ne. Faɗinsa kamar mita 9, tsawonsa kamar mita 12, silin ɗinsa bai wuce mita 3 da rabi ba, kuma haka ake so ya fito. Kada a ƙara masa matakalar bene mai lanƙwasa, ko ginshiƙan marmara, ko fitilar alfarma mai lilo daga sama, ko kwarmin ruwa mai feshi. Otal ɗin ba shi da su, kuma baƙon da ya biya kuɗi saboda hoto ya zo ya tarar da wani abu daban ba ya dawowa, kuma sai ya faɗa wa wasu. Kyawun hoton zai fito daga haske, tsabta da fuskokin mutane.

Bango fentin ruwan madara ne, sai bangon da ke bayan kanta shi kaɗai aka yi wa jan ƙasa irin launin makuba ta ginin gargajiya. A jikin wannan bangon akwai zanen magina na Hausa wanda aka yi da yaɓe, ya ɗan taso daga jikin bangon, da dagin Arewa guda ɗaya a tsakiya, faɗinsa kamar mita 1. Dagin ya fito daidai, layukansa su sarƙe da juna yadda aka san shi, ba wani ƙulli na wata ƙasa ba. Ƙananan fitilu biyu daga sama su haska zanen a karkace domin tudu da kwarinsa su yi inuwa. Tsakanin falon da hanyar da ke zuwa ɗakuna akwai baka guda ɗaya mai siffar bakan gizo, irin wanda ake gani a soraye da zaurukan tsohon birni kamar na Gidan Makama, amma an yi shi da siminti, sumul, na zamani. Ado ya tsaya nan. Ba a son a cika bango da ƙore, ganguna, takubba da fatun namun daji har wurin ya koma shagon sayar da tsaraba.

Kantar da katako aka yi ta, mai duhu, ruwan goro, samanta a goge yana ɗan ɗaukar ido. A kanta akwai allon kwamfuta wanda bayansa kawai ake gani, ƙaramin faranti na katunan buɗe ɗaki, da faifai saƙar kaba mai launi ja da baƙi ɗauke da dabino. Can ƙarshen kantar, kaskon turaren wuta na ƙasa, hayaƙinsa siriri yana tashi ya ratsa ta cikin hasken rana. Hayaƙin ya zama ɗan kaɗan, wanda sai an lura za a gan shi. Hoto ba ya ɗaukar ƙamshi, amma duk wanda ya taso a ƙasar Hausa ko Barno in ya ga wannan zaren hayaƙin ya san yadda falon ke ƙamshi.

Mutanen su ne zuciyar hoton, a nan ake son a fi ba da hankali. Mutum biyar ne kawai.

A bayan kanta, ma'aikacin karɓar baƙi, saurayi ɗan kimanin shekara 28, baƙin Bahaushe, sanye da farin kaftani na shadda a goge da hula zanna bukar mai ruwan toka. Ya ɗan rusuna, hannunsa na dama a ƙirji, yana kallon baƙon da ke gabansa da fara'a. Fara'ar ta kai ga idanunsa, kamar yanzu ya gama cewa «Sannunku da zuwa, Alhaji, ya hanya?» yana jiran amsa. Ba a son murmushin talla mai fitar da haƙora duka, kuma kada ya kalli kyamara. Kusa da shi, abokiyar aikinsa, mai shekaru kusan nasa, cikin atamfa mai launin kore da ruwan ƙwai da mayafi ya rufe kai da kafaɗu, tana miƙa wa uwargidan baƙon katin ɗaki da hannun dama, hannun hagu yana tallafe da gwiwar hannun, yadda ake miƙa wa babba abu.

A gaban kanta, magidanci mai kimanin shekara 50, gemunsa ya fara furfura, cikin babbar riga shuɗiya mai sauƙin aiki, an ɗauke shi daga gefe ta yadda za a ga rabin fuskarsa, kafaɗunsa sun saki irin na wanda ya sauka daga doguwar tafiya. Uwargidansa tana tsaye a damansa cikin leshi ruwan hoda da babban mayafi, da jan lalle a yatsunta, tana karɓar katin. Ba musabaha tsakanin namiji da mace a hoton, ba kuma wanda ya dafa wani. Na biyar ɗiyarsu ce, 'yar shekara 6, da kitso da ɗan ƙaramin hijabi ya zame zuwa kafaɗa, ta yi ɗage tana miƙa hannu wajen faifan dabino. Ita ce kaɗai ke motsi a hoton, kuma a bar ta da motsinta, kada a tsayar da ita ƙiƙam kamar mai jiran hoton makaranta. A ƙasa kusa da su, akwatin ja guda ɗaya da jakar hannu ta jar fata irin ta dukawa. Akwatin ya nuna an yi tafiya da shi, ba sabo fil daga kanti ba.

Launin fatar mutanen ya fito yadda yake, baƙi mai sheƙi da wankan tarwaɗa, kada a haskaka shi, kada kuma a goge fuska har ta koma kamar roba. Yatsu biyar-biyar a kowane hannu, idanu daidai, zaman hula da mayafi yadda ake sa su a Kano. Fuskokin kada su yi kama da na wani sananne.

Gefen hagu wurin zama ne, kuma ba kowa a ciki: doguwar kujerar kushin ɗaya da ƙanana biyu masu launin ƙasa-ƙasa, da matasan kai na shuɗin rini irin na marinar Ƙofar Mata, mai zanen ɗauri fari-fari. Wannan shuɗin shi ne babban launi mai sanyi a hoton, shi zai sa ja da ruwan zuman su fito. Tumtum biyu na fata a ƙasa a kan darduma, ƙaramin tebur a tsakiya da tire ɗauke da butar shayi da kofuna uku na gilashi, sai tukunyar ƙasa mai dogon shuka kore a lungu. Kujerar a bar ta fili domin mai kallo ya ga wurin da shi zai zauna. Ba kwalbar giya, ba kantar mashaya, ba toka ko sigari, ba talabijin a kunne.

A ɗauki hoton daga tsayin idon mutum, kamar mita 1 da rabi daga ƙasa, daga kusurwar da ke fuskantar kanta, da gilashin kyamara na milimita 28. Wanda ya fi wannan faɗi yana lanƙwasa bango, yana kuma sa ƙaramin falo ya zama fili, abin da aka riga aka ce ba a so. Layukan bango da na ƙofa su tsaya a miƙe. Fuskar ma'aikacin da hannun yarinyar su fi komai fitowa tar, bakan da ke baya da wurin zama su ɗan yi laushi kaɗan.

Girman hoton 2400 x 1350, wato tsarin 16:9, a kwance. Kashi ɗaya cikin uku na gefen hagu, daga saman kujeru zuwa silin, ya zama bango zalla mai launi ɗaya, domin a nan akwatin zaɓen ranar zuwa da ranar tafiya da maɓallin kama ɗaki za su hau, kuma dole rubutu ya karantu a kansa. Mutanen biyar su taru tsakanin tsakiya da dama, kusa da juna, ta yadda in an yanke hoton zuwa 4:5 domin allon waya ba za a datse kan kowa ko hannun yarinyar ba. Mafi yawan baƙin da waya za su buɗe shafin, don haka wannan yankan ya fi na kwamfuta muhimmanci.

Kada wani rubutu ya fito a cikin hoton, ko na boko ko na ajami: ba sunan otal a bango, ba allon farashi, ba tambarin kamfani a jikin akwati ko kwamfuta, ba agogon bango masu sunayen birane. Sunan otal da kalmar maraba za a ɗora su daga baya a kan shafin, da haruffan da ke da ƙ, ɗ da ɓ daidai.

A kawo samfuri huɗu a kan wannan tsarin. Biyu da hasken la'asar kamar yadda aka bayyana, biyu kuma bayan magariba, inda sararin da ake hangowa ta ƙofa ya koma shuɗi mai duhu, fitilun ciki kaɗai ke haska falon. Mutane, tufafi da kayan ɗaki su kasance iri ɗaya a duka huɗun.