Sanarwar Rasuwar Malam Sani Abdullahi Garba

Unguwar Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.
24 ga Maris, 2025.

Zuwa ga:
Manajan Darakta, Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, Kano.
Manajan Reshe, Bankin Jaiz, Kano.
Shugaban Ofishi, Kamfanin Fansho na Premium, Kano.

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni Aminu Sani Abdullahi, babban ɗan marigayi, na rubuto a madadin iyalansa domin in sanar da ku a hukumance cewa Allah Ya yi wa mahaifinmu, Malam Sani Abdullahi Garba, rasuwa ranar Talata 11 ga Maris, 2025, daidai da 11 ga Ramadan, 1446, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, yana da shekara 54. An yi jana'izarsa a wannan rana kamar yadda addinin Musulunci ya tanada. Ya bar mata biyu, 'ya'ya tara, huɗu daga cikinsu ba su balaga ba, da mahaifiyarsa.

Kafin buƙatunmu, akwai magana guda da ta shafi ofisoshinku uku. Sunana ne marigayi ya rubuta a matsayin makusancinsa a takardun aiki da na banki da na fansho, amma wannan bai mayar da ni magajinsa ni kaɗai ba, kuma bai ba ni ikon karɓar ko sisin kwabo ba. Saboda haka muna roƙon kada a saki wani kuɗi nasa ga kowa, har da ni kaina, sai an gabatar muku da takardar izinin kula da dukiyar mamaci, wadda muka riga muka nema a Babbar Kotun Jihar Kano. Rabon gado kuwa a gaban Kotun Shari'ar Musulunci za a yi shi.

Ga Hukumar da marigayi ya yi wa aiki tun 1998, inda ya rasu yana mataki na 13 a sashen noman rani, muna roƙon a shigar da rasuwar cikin fayil ɗinsa, a dakatar da albashinsa a tsarin IPPIS, sannan a rubuta wa kamfanin fansho takardar tabbatar da rasuwa. Idan albashin Maris ya shiga asusunsa, a bayyana mana a rubuce abin da yake haƙƙinsa da abin da za a mayar. Haka kuma muna neman a fara bin haƙƙin inshorar rai ta ma'aikata, wadda Dokar Fansho ta 2014 ta ce kada ta gaza ninki uku na jimillar albashin shekara. Mun san ya ci bashi a ƙungiyar adashen ma'aikata, don haka a sanar da mu abin da ya rage, tunda sai an biya bashi ake raba gado.

Ga Bankin Jaiz, marigayi yana da asusun albashi wanda lambarsa ta ƙare da 4072. Muna roƙon a hana fitar da kuɗi daga cikinsa nan take, a toshe katin ATM da hanyar tura kuɗi ta waya, domin layin da yake amfani da shi yana nan a raye. A duba lambarsa ta BVN ko yana da wani asusu a bankin, kuma a shirya bayanin abin da ke ciki daga ranar rasuwa, saboda kotu za ta nema.

Ga kamfanin fansho, lambar asusun ajiyarsa ta ritaya ta ƙare da 5518. A aiko mana da fom ɗin neman haƙƙin mamaci, da cikakken jerin takardun da Hukumar Fansho ta Ƙasa ke buƙata, tare da bayanin ko umarnin kotu mai hatimi zai wadatar.

Matan marigayi suna cikin takaba har zuwa tsakiyar watan Yuli. Idan ana buƙatar sa hannunsu ko hotonsu kafin nan, muna roƙon a turo jami'i gida, ko a ba ni takardun in kai musu.

Haɗe da wannan wasiƙa akwai kwafen takardar likita mai bayyana dalilin rasuwa, takardar shaidar rasuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, katin aikin marigayi, da katin shaidata na ɗan ƙasa. Asalinsu yana hannuna, zan kawo duk ranar da aka nema. Muna roƙon kowane ofishi ya buga hatimin karɓa a kan kwafen da zan dawo da shi, kuma ya ba da amsa a rubuce da sunana.

Wassalam.

Naku,
Aminu Sani Abdullahi,
a madadin iyalan marigayi.

Shaida: Alhaji Musa Abdullahi Garba, ƙanen marigayi.