Wane tambari za mu ɗauka: sakamakon gwajin ƙanƙantawa

Assalamu alaikum Alhaji. Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya, ku da iyali da sauran ƴan kwamiti a Tawa.

Na gama gwada zanuka huɗun nan na tambarin ƙungiya, kuma shawarata mu ɗauki na uku, wato albasa guda cikakkiya mai ganye a kai. Na san hankalinku ya fi kwanciya da na farko, shi ya sa zan ɗan tsaya a kansa.

Lokacin da kuka ga zanukan a taro, kowanne faɗinsa santimita 10 ne a takarda. Amma ba a haka masu saye za su riƙa ganinsa ba. Ɗan kasuwar Abidjan ko Accra da ke neman albasar Galmi, a ɗan zagayen hoton WhatsApp zai fara cin karo da shi, sai a kan rasit da hatimi, sai a ƴar takardar da ake ɗinkewa a bakin buhu. Don haka na buga kowanne a santimita 3 da santimita 1 da rabi, na yi musu fotokofi baƙi da fari, na kuma rage su a kwamfuta zuwa fiksel 32 da 16, girman alamar da ke bayyana a saman shafin intanet.

Na farko yana da kyau, ba na musu. Akwai rudu, wato rumbun ajiye albasa, akwai manomi riƙe da albasa, ga sunan ƙungiya ya kewaye su. Matsalarsa lissafi ce. Daga santimita 10 zuwa 1 da rabi, komai yana komawa kashi 15 cikin 100. Rubutun da yake maki 24 a ma'aunin girman haruffa ya koma 3,6, alhali abin da ya gaza maki 5 ko 6 da ƙyar ido ke karanta shi. Lanƙwasar Ƙ ta farkon sunan ita ta fara ɓacewa. Layukan karan rudu kuwa daga maki 1 suka koma 0,15, ƙasa da 0,25 da masu ɗab'i ke ɗauka a matsayin iyaka. A takarda sun tsittsinke, a hatimi tawada za ta haɗe su. Manomin nan da muka sha wahalar gyara masa malfa, a fiksel 32 ɗigo ne kawai, ba mai cewa mutum ne.

Na huɗu, mai suna zalla a jere, bai ma shiga takara ba: WhatsApp na yanka hoto ya zama da'ira, sai farko da ƙarshen sunan su tafi.

Na biyu ne ya ba ni wuya, don ni kaina shi na fi so. Albasa ce da aka yanka biyu, zobbanta shida suna bayyana. A santimita 3 ba shi da laifi. Da ya sauka ƙasa da haka, fararen ratsin da ke tsakanin zobban sai su cike, abin ya koma baƙin da'ira. Na rage zobban zuwa uku, ya fito sarai, amma ya daina kama da albasa. Na nuna wa wata mai sayar da abinci kusa da shagona nan Yamai, ba tare da na yi mata bayani ba, ta ce tayar mota ce.

Na uku kuwa, tana kallo ta ce albasa. Dalili, siffarsa ce ke magana, ba ƙananan kayan cikinsa ba: gindi mai faɗi, wuya siriri, ganye a sama. Har a fiksel 16 ana gane shi. Duk da haka yana bukatar gyara uku. Ganyen biyar ne, suna mannewa da juna, zan mai da su uku masu kauri da tazara a tsakani. Sannan shunayyar albasar da tsanwar ganyen duk masu duhu ne, a fotokofi sun zama toka iri ɗaya. Zan buɗe farin layi mai kauri a wuya don su rabu ko da launi guda aka buga. Saiwoyin ƙasa ma zan cire su, ba su ƙara komai.

Sunan ƙungiya ba zai ɓata ba. Za a yi tambarin iri biyu: mai suna a ƙasa don allo, takardar wasiƙa da duk abin da ya kai santimita 3, da albasa ita kaɗai don abin da bai kai ba. Zanen rudu kuma kada a jefar da shi, zai yi kyau a bangon magaza ko a kalandar shekara, sai dai ba a matsayin tambari ba.

Na ba direban da zai taso gobe takardar gwajin. Don Allah a duba ta a hannu, kada a ɗauki hotonta a salula a buɗa da yatsu, nan gwajin ke lalacewa. A miƙa wa dattawan kwamiti ba tare da an faɗa musu mene ne a ciki ba, a ji abin da kowa zai ce ya gani. In kun amince kafin Alhamis, zan aika wa mai hatimi da mai buga takardun buhu fayilolin SVG da PNG ranar Juma'a in Allah ya yarda.

Allah ya ƙara girma.

Ɗanku mai zane